Yadda ake gane mutum nawa ke kowane ɓangaren alaƙa a zanen ER, da lokacin da dole sai an sa teburin mahaɗa

Yawancin waɗanda nake gani suna furojet na databes, kuskurensu ba a wajen rubuta SQL yake ba, tun a kan takarda abin yake lalacewa, wato lokacin da suka ja layi tsakanin akwati biyu suka ɗora 1 nan N can ba tare da sun tsaya sun tambayi kansu me layin ke cewa ba. Shi wannan zanen da ake kira ER, wato zanen abubuwa da alaƙar da ke tsakaninsu, Peter Chen ne ya fito da shi a 1976, kuma akwatunan ba su da wuya, kowa ya san ɗalibi abu ne, kwas abu ne. Layin ne aikin. To bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe, rajistar kwasa-kwasai a jami'a, tunda duk wanda ya taɓa cike fom ɗin rajista ya san yadda abin yake.

Mataki na farko, ka ajiye kwamfuta tukuna, ka ɗauki biro ka rubuta abubuwan da kake son adana bayaninsu. A namu guda huɗu ne: sashe, ɗalibi, malami, kwas. Sai ka rubuta alaƙar da ke tsakaninsu da jimla cikakkiya mai aikatau a ciki, kamar "ɗalibi yana karatu a sashe", "malami yana shugabantar sashe", "ɗalibi yana ɗaukar kwas". Wannan ba ya cin minti biyar.

Mataki na biyu shi ne inda nake so mu daɗe. Kowane layi da ka ja yana da tambayoyi huɗu, biyu daga wannan kai biyu daga wancan kai, kuma dan Allah kar ka tsallake ko ɗaya. Ka kama ɗalibi guda ɗaya tak a ranka, ka tambaya: mafi yawa, sashe nawa zai iya kasancewa a ciki? Amsa, ɗaya. Mafi ƙaranci fa, zai yiwu a samu ɗalibin da ba shi da sashe sam? A makarantar misalinmu a'a, duk wanda aka ba gurbi an san sashensa. Sai ka juya ka kama sashe guda ɗaya: mafi yawa ɗalibai nawa? Da yawa. Mafi ƙaranci? Nan mutane suke saurin cewa ɗaya, ai sashe ba ya zama sashe sai da ɗalibai, amma ka tuna ranar da aka buɗe sabon sashe, an ba shi suna an ba shi ofis, ba a ɗauki kowa ba tukuna, kuma dole a shigar da shi a databes kafin a shigar da ɗalibinsa na farko. Kenan amsar sifili ce.

Tambayar "mafi yawa" ita ake kira kadinaliti, ita ce ke ba ka 1:1 ko 1:N ko M:N, inda N da M ke nufin da yawa. Tambayar "mafi ƙaranci" kuma ita ce fatisifeshan, wato shiga alaƙar dole ce ko ganin dama ce. Idan dole ce ana cewa shiga cikakkiya, idan ana iya samun wanda bai shiga ba ana cewa shiga ta wani ɓangare. A layinmu ɗalibi shigarsa cikakkiya ce, sashe kuma ba cikakkiya ba. Ni yadda nake yi, ina rubuta amsoshin a jimla biyu a ƙasan zanen, "kowane ɗalibi yana cikin sashe ɗaya tak, ba ƙasa ba sama" da "kowane sashe yana da ɗalibai daga sifili zuwa ko nawa", sai na karanta wa mai aikin, wato jami'in jarrabawa ko magatakarda, ba abokina mai rubuta kod ba. Saboda amsar waɗannan tambayoyin ba a kwamfuta take ba, a dokar makarantar take. Wata makarantar tana da ɗaliban share fage da ba a ba su sashe ba tukuna, kaga a can amsar ta canja, kuma ba yadda za a yi ka sani sai ka tambaya.

Mataki na uku, zanawa. Salo biyu ne za ka fi cin karo da su. A salon Chen alaƙa tana cikin wani zane mai kusurwa huɗu kamar daimon, ana rubuta 1 da N a kan layin, shiga cikakkiya kuma ana nuna ta da layi biyu a jere daga akwatin da shigar ta zame wa dole, a namu daga akwatin ɗalibi. Ɗaya salon shi ne mai ƙafar hankaka, wanda za ka gani a MySQL Workbench da draw.io, layin yana ƙarewa da yatsu uku idan da yawa ne, ɗan gajeren sanda idan ɗaya ne, ɗan zagaye idan sifili ne. Kowane kai yana ɗauke da alama biyu, wadda ta manne da akwati ita ce mafi yawa, ta bayanta ita ce mafi ƙaranci. Kenan a kan sashe za ka sa sanda biyu, a kan ɗalibi za ka sa zagaye da ƙafar hankaka.

Akwai wani tarko anan da ya kamata in faɗa. A salon ƙafar hankaka, alamar da ke jikin akwatin sashe amsar tambayar da ka yi wa ɗalibi ce, wato kana tsaye kan ɗalibi kana hango wancan kai. Amma akwai littattafan da ke rubuta lambobi biyu irin (1,1) da (0,N), su kuma suna ajiye lambar a jikin akwatin da aka yi wa tambayar, (1,1) a jikin ɗalibi, (0,N) a jikin sashe. Ma'ana ɗaya, wuri ya juya. In ka haɗa salon biyu a zane ɗaya sai mai karantawa ya fahimci cewa sashe ɗalibi ɗaya yake da shi. Ka zaɓi ɗaya, ka rubuta a gefen takarda wanne ka bi.

Mataki na huɗu, mayar da zanen tebura. Idan alaƙa 1:N ce ba ka buƙatar sabon tebur, makullin ɓangaren ɗaya, wato lambar `id` da ke bambanta kowane layinsa, shi ne ke tafiya ya zauna a teburin ɓangaren da yawa. Dalili a fili yake, kowane ɗalibi sashe ɗaya gare shi, don haka gurbi ɗaya a layinsa ya isa ya riƙe amsar, shi kuwa sashe da za a ce ya riƙe ɗalibansa gurbi nawa za ka buɗe masa?

```sql
CREATE TABLE dalibi (
  id INTEGER PRIMARY KEY,
  suna VARCHAR(80) NOT NULL,
  sashe_id INTEGER NOT NULL,
  FOREIGN KEY (sashe_id) REFERENCES sashe(id)
);
```

Ka kalli `NOT NULL` ɗin da ke kan `sashe_id`, wannan shi ne layi biyun nan da ka zana, shiga cikakkiya ta koma kod. Da makarantar mai ɗaliban share fage ce sai ka cire shi, shikenan. In da SQLite kake gwaji ka tuna shi ba ya duba `FOREIGN KEY` sai ka kunna masa da `PRAGMA foreign_keys = ON;` a duk lokacin da ka buɗe haɗi, in ba haka ba za ka sa ɗalibi a sashe mai lamba 99 wanda babu shi kuma ya karɓa lafiya lau.

Ita 1:1 ba za mu daɗe a kanta ba. Sashe shugaba ɗaya gare shi, malami kuma ba ya shugabantar fiye da sashe ɗaya, amma yawancin malamai ba shugabanni ba ne. Sai ka sa makullin a ɓangaren da kusan kowa ke ciki, wato `shugaba_id` a teburin sashe, ka ƙara masa `UNIQUE`. Wannan `UNIQUE` ɗin shi ne kaɗai bambancin 1:1 da 1:N a kod, in ka manta shi malami ɗaya zai iya shugabantar sashe biyar databes bai ce uffan ba. Da ka sa makullin a teburin malami, da a sashe mai malamai 40 layi 39 fanko ne.

To yanzu ga babbar, ɗalibi da kwas. Ka sake yin tambayoyin nan huɗu. Ɗalibi ɗaya kwas nawa? Da yawa. Kwas ɗaya ɗalibai nawa? Da yawa. Duk lokacin da amsar "mafi yawa" ta zo da yawa ta kai biyun, M:N kenan, kuma babu gurbi ɗaya a kowane teburin da zai iya riƙe ta. A zanen Chen ana barinka ka rubuta M da N ka wuce, amma tebur ba ya barinka, kowane gurbi ƙima ɗaya yake ɗauka.

Na sha ganin hanyoyi biyu da mutane ke bi don kauce wa sabon tebur, kuma duka biyun suna aiki a ranar farko shi ya sa ake yarda da su. Ta farko a buɗe `kwas1`, `kwas2` har `kwas8` a teburin ɗalibi. Ranar da wani ya zo da kwas tara saboda yana da kariyoba sai ka koma ka canja teburin, kuma in aka ce kawo sunayen masu ɗaukar CSC 201 sai ka duba ginshiƙi takwas ɗaya bayan ɗaya. Ta biyu ita ta fi ɓoye sharrinta, a sa ginshiƙi ɗaya a jera lambobin kwas da waƙafi, kamar `1,12,21`. Kana neman masu kwas mai lamba 2 sai ka rubuta `LIKE '%2%'`, sai ya kawo maka wannan ɗalibin duk da bai ɗauki kwas 2 ba, saboda akwai 2 cikin 12 da 21. Ga shi kuma ba za ka iya ɗora `FOREIGN KEY` a kai ba, an goge kwas lambarsa na nan a jere ba wanda ya sani. Kuma tambayar da ke kashe duka hanyoyin biyu ita ce, makin da ɗalibi ya ci a kwas, a ina za ka ajiye shi? Ba na ɗalibi ba ne shi kaɗai, don yana da maki daban a kowane kwas, ba na kwas ba ne shi kaɗai, don kowane ɗalibi da nasa. Na haɗuwarsu ne.

Mataki na biyar kenan, ka ƙirƙiri tebur na haɗuwar. Shi ake kira jankshan tebul, ni nakan ce teburin mahaɗa. Kowane layi a cikinsa yana faɗin magana ɗaya ce tak, wane ya ɗauki kwas kaza. In abin yana da suna a bakin masu aikin ka ba shi wannan sunan, anan rajista ce.

```sql
CREATE TABLE rajista (
  dalibi_id INTEGER NOT NULL,
  kwas_id INTEGER NOT NULL,
  maki INTEGER,
  PRIMARY KEY (dalibi_id, kwas_id),
  FOREIGN KEY (dalibi_id) REFERENCES dalibi(id),
  FOREIGN KEY (kwas_id) REFERENCES kwas(id)
);
```

Abin da ya faru, M:N ɗaya ta rabu ta zama 1:N biyu, ɗalibi ɗaya rajista da yawa, kwas ɗaya rajista da yawa, ƙafafun hankaka duka biyun suna kallon rajista. Ita rajista shigarta cikakkiya ce ta kai biyun, babu rajistar da ba ta da mai ita ko ba ta da kwas, shi ya sa makullan biyu `NOT NULL` ne. Maki kuwa na bar shi yana iya zama fanko da gangan, saboda ana rajista a farkon zango jarrabawa sai ƙarshe, kuma kar ka cike shi da 0 a ce kafin nan, 0 maki ne na wanda ya zauna ya faɗi. Kar yawan layukan ya tsorata ka, ɗalibai 400 kowa kwas 9 layi 3600 ne, wannan ba komai ba ne a wajen databes.

Mataki na shida shi ne wanda na fi so mutane su riƙe, don nan ne zane mai kyau yake faɗuwa bayan shekara guda da fara amfani da shi. Ka sake yin tambayar amma ka sa lokaci a ciki: ɗalibi ɗaya da kwas ɗaya, sau nawa za su iya haɗuwa? Makullin da muka sa a sama yana cewa sau ɗaya a rayuwa. To ga ɗalibi mai lamba 7, ya ɗauki CSC 201 mai yunit 3 a shekarar karatu ta 2023/2024 ya ci 32, ya faɗi, a 2024/2025 ya dawo zai sake rajista, sai databes ya ƙi karɓa ya ce makullin ya maimaitu. Kuma gaskiyarsa, abin da muka gaya masa kenan.

Anan sai mai gaggawa ya ce bari kawai in yi `UPDATE` a kan tsohon layin. Ɗalibin ya ci 62 a karo na biyu, 32 ta ɓace. A ma'aunin maki biyar 62 B ce, maki 4 sau yunit 3, 12 kenan, faɗuwar farko kuma 0 sau 3. A tsarin da faɗuwa ke shiga lissafin CGPA, wannan kwas ɗin ya kamata ya ba da 12 a kan yunit 6, amma tunda ka goge layin farko sai ya ba da 12 a kan yunit 3, CGPA ta hau ba bisa ƙa'ida ba kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito, sai ranar da wani ya kwatanta da takarda. Wannan sakamakon ɗan mutane ne, ba abin wasa ba ne. Wani kuma sai ya cire makullin gaba ɗaya ya sa `id` mai ƙirga kansa, yanzu kariyoba ta shiga, amma ɗalibi ya danna maɓallin rajista sau biyu saboda netwok na ja, layi biyu sun shiga, an ƙirga masa yunit 6 a zango ɗaya.

Gyaran shi ne ka yarda cewa haɗuwar ta abu uku ce, ɗalibi, kwas, da shekarar karatu. Sai ka ƙara ginshiƙin ka faɗaɗa makullin:

```sql
shekara CHAR(9) NOT NULL,
PRIMARY KEY (dalibi_id, kwas_id, shekara)
```

Yanzu `(7, 201, '2023/2024')` da `(7, 201, '2024/2025')` layi biyu ne halastattu, maimaita rajista a shekara ɗaya kuma an toshe ta. In makarantar tana ba da kwas ɗaya a zango biyu na shekara, ko tana da zangon bazara na masu gyara, to zango ne zai shiga makullin ba shekara kaɗai ba, wannan ma sai ka tambayi mai aikin. In kuma firemwok ɗinka ya fi son `id` guda ɗaya a kowane tebur ba laifi ka sa, amma ka ɗora `UNIQUE (dalibi_id, kwas_id, shekara)` a gefe, dokar tana nan ko da makullin ya canja.

Wannan tambayar ta lokaci ka koma ka yi ta a kan layukan baya ma. Mun ce ɗalibi sashe ɗaya, haka ne a yau, amma in ɗalibi na iya canja sashe kuma makaranta na son ta san inda ya fito, to a tsawon lokaci ɗalibi ɗaya sashe da yawa ne, alaƙar ta zama M:N, tana buƙatar teburin mahaɗa mai ranar shiga da ranar fita. Shugabancin sashe ma haka, wa'adi ne, yau wannan gobe wancan. In "wa ke kai yanzu" kaɗai ake so ka bar shi yadda yake, kar ka ƙara tebur don burgewa, don kowane teburin mahaɗa ƙarin `JOIN` ne a kusan duk tambayar da za ka rubuta, kuma in ka sa shi a kan alaƙar da 1:N ce ta gaskiya ka buɗe ƙofar ɗalibi ya samu sashe biyu lokaci guda sai dai ka sake toshewa da `UNIQUE`.

Mataki na bakwai, ka san abin da zane ke iya faɗa amma makulli ba ya iya tsarewa. A ce dokar makaranta ita ce duk ɗalibi dole ya yi rajistar akalla kwas ɗaya, a zane layi biyu ne kawai daga ɗalibi, amma `FOREIGN KEY` yana kallon gefe ɗaya ne, yana tabbatar da cewa kowace rajista tana da ɗalibi, ba ya tabbatar da cewa kowane ɗalibi yana da rajista. Haka in aka ce yunit kar ya gaza 15 kar ya wuce 24, wannan lissafi ne a kan layuka da yawa, `CHECK` na yau da kullum layi ɗaya yake gani. Irin waɗannan sai a kod ɗin manhaja, ko `TRIGGER`, ko ka riƙa zaƙulo masu saɓawa da tambaya irin wannan:

```sql
SELECT d.id, d.suna
FROM dalibi d
LEFT JOIN rajista r
  ON r.dalibi_id = d.id AND r.shekara = '2024/2025'
WHERE r.dalibi_id IS NULL;
```

Ka lura sharaɗin shekara a cikin `ON` na sa shi, in ka sauko da shi cikin `WHERE` ba za ka samu ko layi ɗaya ba, saboda waɗanda ba su yi rajista ba shekararsu fanko ce, sharaɗin zai zubar da su, alhali su ake nema.

Wani ɗan abu kuma kan sauri. Makullin da ya fara da `dalibi_id` yana taimakon tambayar "kwasa-kwasan wane", amma tambayar "su wa ke ɗaukar kwas kaza" ba ta morarsa sosai tunda `kwas_id` ne na biyu. MySQL mai InnoDB yana yi wa `FOREIGN KEY` indes da kansa, PostgreSQL da SQLite ba sa yi, don haka a can sai ka rubuta `CREATE INDEX rajista_kwas ON rajista (kwas_id);` da hannunka.

Kafin ka miƙa aikin ka gwada shi da abin da bai kamata ya shiga ba. Ka sa rajista da ɗalibin da babu shi, dole ya ƙi. Ka sa ɗalibi 7 a CSC 201 sau biyu a shekara ɗaya, dole ya ƙi. Ka sa shi a shekara daban, dole ya karɓa. Ka buɗe sabon sashe ba ɗalibi ko ɗaya, dole ya karɓa. Sannan ka gwada goge kwas ɗin da ke da rajista a kansa, nan ma ya kamata ya ƙi, in ya goge har da rajistocin to akwai `ON DELETE CASCADE` a wani wuri, ka nemo shi ka cire daga kan `kwas_id`, in kwas ne aka daina koyarwa ka ƙara masa ginshiƙin da ke nuna an rufe shi, makin waɗanda suka riga suka zauna jarrabawarsa ya tsaya a inda yake.